Hattara da masu sayar da faifan SMR da sunan na kyamarar tsaro

Jama'a, musamman masu haɗa kyamarorin tsaro da masu ajiye bidiyon biki, a kula. Akwai 'yan kasuwar da ke ɗauko had-disk na kwamfutar gida, irin da ake kira SMR, su manna masa sitikar da ke nuna na aikin dare da rana ne, su sayar a farashin na ƙwarai. A shago za su kwafa maka fim guda, ka ga yana gudu, ka biya. Sai faifan ya cika sannan asiri yake tonuwa.

A faifan CMR, kowane layin rubutu yana zaune shi kaɗai, ana iya goge shi a sake rubutawa ba a taɓa maƙwabcinsa ba. A SMR kuwa an ɗora layukan bisa gefen juna, kamar jerin kwanon rufi, don a sami ƙarin wuri. Canza abu kaɗan a tsakiya yana tilasta wa faifan sake rubuta layukan da ke biye da shi har ƙarshen yankin faifan da layin yake ciki, yankin kuma kan kai megabayit 256. Saboda haka aka ware masa wani ɗan fili na CMR inda yake jibge sabon rubutu, ya gyara daga baya idan ya sami hutu. Gwajin shago ba ya cika wannan fili. Idan aiki ya cika shi ba hutu, gudun da yake sama da megabayit 100 a daƙiƙa yana iya faɗowa ƙasa da 10.

Mu yi lissafi da kyamara 8, kowace tana aiko megabit 4 a daƙiƙa. Jimilla megabit 32 ke nan, wato megabayit 4 a daƙiƙa, kusan gigabayit 345 a rana. Faifan terabayit 4 zai cika kafin kwana 12, daga nan na'urar ta koma rubutu a kan tsohon hoto, ba dare ba rana. A shekara ta rubuta terabayit 126. BarraCuda mai lamba ST4000DM004, wanda SMR ne, kamfanin Seagate ya ƙayyade masa terabayit 55 a shekara, WD Purple kuma, faifan kyamara na kamfanin WD, 180. Ranar da aka yi sata aka zo duba hoto, sai a tarar da giɓi a daidai lokacin da ake nema.

Masu haɗa faifai da yawa a akwatin NAS, wato na'urar ajiya da ake jonawa da netwok, sun fi shiga haɗari. A 2020 aka gano cewa WD Red daga terabayit 2 zuwa 6 masu lambar EFAX na SMR ne. A gwajin da masu shafin ServeTheHome suka yi a shekarar, maye gurbin faifan da ya mutu ya ci WD40EFAX sama da kwana 9, aikin da na CMR suka gama cikin ƙasa da kwana guda. Duk tsawon wannan lokaci, idan kariyar faifai ɗaya ce a tsarin kuma wani ya sake mutuwa, ajiya ta tafi.

Kada a yarda da sitika. A jona faifan da kwamfuta a gaban mai shago, a buɗe manhajar CrystalDiskInfo, ko a buga wannan a Linux, a maye gurbin `sda` da sunan da kwamfutar ta ba faifan da aka jona:

```
sudo smartctl -i /dev/sda
```

Lambar `Device Model` da ta `Serial Number` dole su yi daidai da na jikin sitika. In sun saɓa, a ajiye masa kayansa. In sun dace, a nemi lambar a takardar bayanin kamfanin: WD40EFRX na CMR ne, WD40EFAX na SMR, harafi ɗaya ya raba su. Idan faifai mai juyawa ya nuna `TRIM Command: Available`, alama ce mai ƙarfi ta SMR, amma rashin ganinsa ba ya wanke faifan, domin wasu na SMR ba sa nunawa. Sannan a sa mai shago ya rubuta cikakkiyar lambar a rasit, da sharaɗin mayarwa.

SMR ba jabu ba ne, kuma yana da wurinsa. Wanda zai zuba bidiyon biki ko finafinai sau ɗaya, ya riƙa kallo kawai, ko ya ajiye kwafi na biyu a aljihun tebur, SMR ya ishe shi, don karatunsa lafiya lau ne. Ya dai biya kuɗin SMR. Haka kuma kada a ruɗe ka da cewa mai juyi 5400 a minti ba ya da kyau sai mai 7200. Megabayit 4 a daƙiƙa ba komai ba ne ga faifan CMR mai 5400, ga shi bai cika zafi ba kuma ba ya cin wuta sosai, abin da ke da amfani ga mai aiki da batir da inbata.