Kanti a intanet daga Garwa ko Marwa: fara duba ta inda kuɗi za su shigo kafin ka biya kowa

'Yan uwa masu atamfa da turare da kilishi da ke son buɗe kanti a intanet, don Allah kafin ku ba wani yaro kuɗi ya haɗa muku shafi mai sheƙi ku fara tambayarsa abu ɗaya, ta ina kuɗin mai saye zai shigo hannuna? Amsar nan ce za ta zaɓa maka irin kantin da za ka buɗe, kalar shafin kuma daga baya ne.

Dalili kuwa mutanenmu a nan arewacin Kamaru ba da katin banki suke ciniki ba, MTN MoMo ne da Orange Money, mai *126# da mai #150#. To su kuma manyan hanyoyin da ake ta tallatawa a bidiyon Turawa ba su san da mu ba. Stripe ba ya buɗe wa ɗan kasuwar Kamaru asusu, Shopify Payments ma haka, PayPal kuwa za ka iya biya da shi amma karɓar kuɗin ciniki a asusun Kamaru ba ya yiwuwa. Saboda haka wanda ya ce maka ka hau dandalin buɗe kanti na Shopify kawai komai a shirye yake, bai gaya maka duka ba, za ka riƙa biyan kuɗin wata da dala, sannan dole ka nemo wani kamfanin da zai karɓar maka MoMo, kuma Shopify ɗin zai sake yankar nasa kaso a kan kowane ciniki tunda ba da nasa ka karɓa ba. Ga mai sayar wa 'yan ƙasar waje da kaya mai tsada yana iya biya, ga Hajiya mai turmi arba'in a ɗaki gaskiya nauyi ne kawai.

Idan kayanka ba su da yawa kuma kai kaɗai ne ke amsa waya, katalog ɗin WhatsApp Business ya ishe ka farawa, kyauta ne, yana ɗaukar kaya har 500, mutum ya zaɓa ya turo kuɗi a lambarka. Matsalarsa ɗaya ce amma babba, hoton rasit na ƙarya. Kada ka taɓa sakin kaya saboda hoton da aka turo maka ko saƙon da ya shigo daga wata lambar mutum, shiga asusunka da kanka ka ga kuɗin sun ƙaru.

Ranar da oda ta fi ƙarfin idonka, ni abin da na fi yarda da shi WooCommerce ne, manhajar kanti da ake ɗorawa a kan manhajar haɗa shafi ta WordPress. Shi kansa kyauta ne, abin da kake biya sunan shafi ne da masauki, wato inda ake ajiye shafin a intanet, shekara-shekara, kuma masu karɓar kuɗi irin su CamPay da Notch Pay da Monetbil da CinetPay duk an san su da MoMo da Orange Money a Kamaru. Yadda abin ke tafiya shi ne mai saye ya sa lambarsa a shafin, saƙo ya faɗo a wayarsa ya danna lambar sirrinsa, sai kamfanin ya sanar da kantinka cewa an biya odar ta canza da kanta. Wajen zaɓa tsakaninsu kada ka tsaya a kan kason da suke cira kaɗai. Tambaye su kwana nawa kuɗi ke yi kafin ka iya fitarwa, ko akwai wani caji a fitarwar, da takardun da suke nema, don galibi sai da katin shaida da lambar haraji ta NIU, wani lokaci har da rajistar kasuwanci ta RCCM. Mu ƙaddara turmin atamfa na sefa 15,000 ne kuma kamfani na cirar kashi 3 cikin 100, sefa 450 ke nan, wani mai kashi 2 zai ci 300. Bambancin 150 ne kacal, amma in mai arahar zai riƙe maka kuɗi sati guda kai kuma jarin naka juyawa yake yi kullum a kasuwa, wallahi gara mai tsadar. Ga kuma harajin kashi 0.2 cikin 100 da aka sa a kan turawa da cirar kuɗin waya tun 2022, shi ma sa shi a lissafi.

Abu biyu ke yawan lalacewa a nan. Na farko a saitin kuɗi ka zaɓi XAF, ba XOF ba wanda na su Nijar ne, kuma ka mayar da lambobin bayan ɗigo sifili tunda sefa ba ta da kwabo. Na biyu shi ne odar da ke maƙalewa tana nuna ba a biya ba alhali an cire wa mutum kuɗi, wannan yawanci sanarwar kamfanin ce ba ta iso kantinka ba, ko an rubuta adireshin webhook, wato inda kamfanin ke turo sanarwar, ba daidai ba ko shafin bai da https. Tun kafin ka buɗe ka sa kaya na sefa 100 ka saya da layin MTN, ka sake saya da na Orange, sannan ka gwada sokewa a tsakiya ka ga me shafin zai nuna.

Kai kaya kuma kada ka sa farashi ɗaya wa kowa. Cikin gari ɗan kilando ne, ka riƙe mutum ɗaya ko biyu da ka san gidansu, kuma a fom ɗin ka tilasta lambar waya da unguwa da kwatance, lambar gida da lambar gidan waya ka cire su don ba mai cikawa. Tsakanin Garwa da Marwa da Ngaundare ko zuwa Yaunde da Duwala motocin ajans irin su Touristique Express da Danay Express su ne hanyar yawancinmu, amma mai saye ne zai je tasha ya karɓa, to ka rubuta hakan ɓaro-ɓaro kuma ka tura masa hoton rasit da zarar ka ba da kaya. A WooCommerce sai ka yi shiyya uku, cikin gari, arewa, kudu, kowace da kuɗinta. Biya-in-kaya-sun-iso ka bar shi cikin gari kawai, na nesa ko ya biya duka ko aƙalla kuɗin mota tukuna, in ba haka ba ranar da ya ƙi ɗaga waya kai ne da asarar zuwa da dawowa.

Sai hoto, nan ne nake jin takaici don kaya masu kyau na rasa kasuwa a banza. Hoton da waya ke ɗauka yana kai mega 3 ko 4, ka ɗora guda 20 a shafi ɗaya in masaukin bai rage su ba mega 60 zuwa 80 ke nan, wa zai ƙona datarsa haka da rezon da muke fama da shi? Yanke kowane hoto murabba'i, 1000 a 1000 ya isa har mutum ya zuƙo ya ga saƙar, ka matse shi a shafin Squoosh ya koma WebP ko JPG kusan kilobait 100 zuwa 150, sai guda 20 ɗin su tsaya a mega 2 ko 3. Duk su zama girma ɗaya don kada jerin ya karkace. Ka ɗauka da safe a inuwa kan farin yadi ba da filasha ba, saboda filasha na canza kala, shuɗin shadda ya koma wani abu daban kuma rigima ta tashi bayan kaya sun isa Duwala. Kada ka yi amfani da hoton da ya bi ta WhatsApp an riga an murƙushe shi, ɗauko na asali daga wayar. In ka gama ka kashe wayfai ka buɗe kantin a ƙaramar wayar wani a cikin kasuwa, in hoton farko bai fito da wuri ba koma ka ƙara matse su.