Mai gyaran ya gano ciwon wayata daidai, amma tiren da ya sayar mini ya ɓata masa aiki

Wayar ta zame mini daga aljihu lokacin da nake sauka daga adaidaita sahu, ta bugi kwalta da kusurwar da tiren sim yake. Gilashi bai fashe ba, hoto bai lalace ba, sai dai layina na farko ya ɓace, wayar tana nuna "No SIM card" a wajensa, layi na biyu kuma yana nan da sabis ɗinsa. Layin da ya ɓace shi ne wanda banki ke turo mini saƙo a kai, shi ya sa ban tsaya jira ba na nufi wani shagon gyara da abokin aikina ya daɗe yana yabo.

Yaron da na fara tararwa bai ko karɓi wayar ba ya yanke hukunci cewa injin ne ya taɓu, ya kuma ambaci kuɗin da ya kusa rabin farashin wayar. Maigidansa da ya shigo ana cikin maganar ya ce a dakata, ya tambaye ni abin da wayar take rubutawa. Ya ce da "No service" take nunawa, to wayar tana ganin layin, sabis ne ba ta kamawa, kuma bayan faɗuwa hakan yakan nuna cewa siririyar wayar eriya ce ta zare a ciki. Tunda ta ce babu sim kwata-kwata, matsalar tana tsakanin sim ɗin da ƙananan haƙoran ƙarfen da suke taɓa shi. Ya danna *#06# sai lambobin IMEI guda biyu, wato lambobin shaidar wayar, suka fito cikakku, ya juya ga yaron ya ce, "Kai, da injin ya mutu ta wannan ɓangaren, da wuya ka ga lambobin nan, kuma layi na biyu ba zai yi aiki ba." Daga nan hankalina ya fara kwanciya da shi.

Abin da ya fi burge ni shi ne bai kwance wayar ba sai da ya gama da abin da ke waje. Ya kashe ta, ya zaro tiren da allura, ya saka sim ɗina a wata ƙaramar waya da ke kan teburinsa, nan take sunan kamfanin layin ya fito har saƙonnin banki suka fara shigowa. Wannan ya nuna sim ɗin lafiyarsa ƙalau, babu bukatar in je ofis in bi layin sauya sim da lambar NIN. Sai ya ɗauko nasa sim ɗin ya saka a gurbi na farko na wayata, shi ma ba ta gan shi ba, ya mayar da nawa gurbi na biyu, ta karanta shi. Da wannan musayar kaɗai ya ware inda ciwon yake, wato gurbi na farko, kuma duk abin bai ɗauke shi tsawon shan shayi ba.

Duk da haka ya goge fuskar zinariyar sim ɗin da auduga da ɗan sinadarin goge injin waya mai saurin bushewa, domin akwai wani baƙin dauɗa a gefenta, irin wanda gumi da ƙurar aljihu suke haɗawa. Na tambaye shi batun kankarewa da reza da nake ganin mutane suna yi, ya ce, "Malam, kada ka bari a yi maka, rufin zinariyar nan siriri ne ƙwarai, in aka kankare shi ƙarfen ƙasa zai fara tsatsa." Gogewar ba ta dawo da layin ba, kuma shi kansa ya ce bai sa ran za ta dawo da shi ba, tunda dauɗa ba ta taruwa a daidai lokacin da waya ta faɗi.

Tiren ne ya tona asiri. Ya ɗora shi a kan gilashin teburinsa, sai ga gefe ɗaya ya ɗaga yana lilo, ɗan bakin da yake riƙe kusurwar sim ɗin kuma ya tsage. Ya bayyana mini cewa kaurin ƙaramin sim na yanzu bai kai milimita ɗaya ba, wajen 0.67 ne, saboda haka lanƙwasar da ido ba ya gani sosai ta isa ta ɗaga shi daga kan haƙoran. Ya haska fitila cikin ramin ya duba da madubin ƙara girma, ya ce haƙoran duk suna tsaye, babu wanda ya karye ko ya kwanta, da an samu hakan sai an buɗe wayar an cire gidan sim ɗin da wuta an dasa wani. Ya danna sim ɗin da yatsa yana tura tiren a hankali, ya kunna wayar, layin ya dawo. A wannan lokacin da an ce in ba shi maki, da na cika masa shi.

Ɓacin raina ya fara ne da sabon tiren. Ya ce ba shi da na asali, ya aiki yaron cikin kasuwa, na zauna har aka kira sallar la'asar kafin ya dawo da wani wanda launinsa bai yi daidai da na wayar ba. Launi bai dame ni ba. Abin da ya dame ni shi ne babu zoben robar nan da ke bakin tsohon, wanda yake toshe ramin daga ƙura da danshi, kuma bakinsa bai shige daidai da jikin wayar ba, ina jin tudunsa da farce. Na nuna masa, ya ce zai zauna da kansa. Tiren roba ba ya zama da kansa, kuma mutumin da ya gama yi mini bayanin milimita ya fi ni sanin haka. Ya karɓi kuɗin da ya fi na irin wannan tire, wanda duk mai shiga kasuwar waya ya san yadda ake sayar da shi.

Bayan 'yan kwanaki layin ya fara ɗaukewa yana dawowa, musamman in wayar ta sha girgiza a kan babur. Sai in ciro ta in ga "Emergency calls only", in danna bakin tiren da babban yatsa, in sake kunna ta, layin ya dawo. Da na koma, mutumin da ya yi mini bayani cikin natsuwa ya zama wani daban, ya ce kayan da aka saka ba a mayarwa, ya kawo shawarar a manna ɗan salatif a bayan sim ɗin don ya ƙara kauri. Dabarar tana aiki na ɗan lokaci, amma in kaurin ya yi yawa sim ɗin yana iya maƙalewa ya kwantar da haƙoran nan da ya ce suna lafiya, kuma a lokacin ne gyaran zai zama mai tsadar da yaronsa ya faɗa tun farko. Na ƙi.

Daga baya na sami tire na asali da aka cire daga matacciyar waya irin tawa a wani shago, da zoben robarsa, ya shige ya yi shafe da jikin wayar, kuma tun daga ranar layin bai sake ɗaukewa ba. Wanda yake so a gano masa abin da ke damun wayarsa ba tare da an kwance ta a banza ba, zan iya tura shi wurin mutumin nan, domin a wannan fannin ya san aikinsa. Kayan gyara dai kada ya saya a hannunsa sai ya ɗora sabon kusa da tsohon ya gwada su gefe da gefe, ya kuma girgiza wayar a gabansa kafin ya biya. Kuɗin tiren farko har yau ba a mayar mini ba.