Gargaɗi ga masu neman haya: gidan araha da mai shi "yana ƙasar waje"

Jama'a, a yi hattara da wasu tallace-tallacen gidajen haya da ke yawo a Facebook da zaurukan WhatsApp, musamman ku da aka yi wa canjin wurin aiki zuwa Abuja ko Kaduna, da masu bautar ƙasa, da ɗalibai, da angwayen da biki ya matso ba su samu wurin zama ba. Za ka ga hoton gida tsaf, da tayil da silin na zamani da ruwan burtsatse, a unguwa mai kyau, amma kuɗin hayar bai kai rabin abin da ake biya a wurin ba. Da ka tuntuɓa sai a ce mai gidan yana Dubai ko Saudiyya ko Ingila, makulli yana hannunsa, kuma sai ka fara tura kafin alƙalami sannan a aiko maka da shi. Wannan damfara ce, kuma labarin ƙasar wajen shi ne ƙashin bayanta, domin da shi ake raba ka da abu guda da zai tona asiri, wato ka je ka tsaya a ƙofar gidan wani ya buɗe maka.

Bari in kawo yadda ta faru da wani ƙanen abokina da aka mayar Abuja da aiki. Ya ga gida mai ɗaki biyu da falo a Gwarimpa a kan naira 900,000 a shekara, alhali dillalan da ya zagaya wurinsu duk abin da suka nuna masa irin wannan ya haura ninki biyu. Lambar da ke jikin tallar ta fara da +44. Mutumin ya ce shi likita ne a Ingila, ya tafi da iyalinsa, ba ya son gidan ya zauna a rufe. Kalamansa masu sanyi: "Ɗan'uwa, ni ba kuɗi ne gabana ba, mai amana nake nema wanda zai riƙe mini gida kamar nasa. Dillalai sun cuce ni a baya, shi ya sa na cire su." Ka lura da wannan magana, don aiki biyu take yi. Ta ba ka dalilin arahar, ta kuma kawar da dillali, wanda shi ne mutumin da zai iya ce maka wannan farashi ba ya yiwuwa a unguwar nan.

Sai ya turo masa takardar cikewa mai tambayar suna da wurin aiki da yawan iyali, har da hoton katin ɗan ƙasa. Wannan ya sa yaron ya ji kamar shi ake tantancewa, ya koma ƙoƙarin nuna shi mutumin kirki ne, ya bar binciken wanda yake magana da shi. Da ya nemi ganin gida, aka ba shi sunan layi aka ce ya je ya duba daga waje. Ya je, ya ga gida mai irin fentin da ke cikin hoton, get a kulle, ya dawo hankalinsa kwance. Washegari aka ce akwai wata baiwar Allah da ke shirin biya, amma Dakta ya fi natsuwa da shi, don haka ya tura naira 300,000 a riƙe masa, za a aiko da makulli da takardar yarjejeniya ta kamfanin aika saƙo. Sunan da ya fito a asusun ba na Dakta ba ne. Aka ce na ƙanensa ne, wai asusunsa na Najeriya ya daina aiki. Ya tura.

Abin bai tsaya nan ba, kuma ba ya taɓa tsayawa. Aka turo hoton rasit na aika kaya, sannan aka ce saƙo ya maƙale a Legas sai an biya naira 85,000. Bayan ya biya, aka ce lauya yana son kasonsa kafin ya sa hannu. A nan ne ya koma gidan ya ƙwanƙwasa. Mai gadi ya leƙo ya ce masa, "Yallaɓai, akwai mutane a ciki, kuma ba kai ne na farko da ya zo da wannan magana ba." Mai gidan na gaskiya yana nan Abuja, bai san ma ana tallar gidansa ba. Da a zuwan farko ya ƙwanƙwasa, da magana ta ƙare tun a ranar.

Gaskiya ne akwai 'yan'uwanmu da yawa da ke zaune a waje suna da gidaje a gida Najeriya. Amma wanda ya kashe miliyoyi ya gina gida ba ya tafiya da makulli cikin jaka ya bar gidan ba mai kula. Zai bar shi a hannun ɗan'uwa ko lauya ko dillalin da unguwa ta sani, mutumin da za ka gani ido da ido, ka san ofishinsa ko ƙofar gidansa. Idan aka ce duk faɗin garin babu ko mutum ɗaya da zai buɗe maka ka shiga, to babu gidan haya a maganar. Lambar waje ma ba hujja ba ce, don ana samun ta a intanet a buɗe WhatsApp da ita ba tare da an bar gari ba. Hoton fasfo ko takardar fili da za a turo maka kuwa, sau da yawa na wani ne da aka damfara kafin kai, wanda shi ya sa bai kamata ka tura katinka ga wanda ba ka gani ba.

Hotunan gidan kuma yawanci sato su ake yi daga shafin wani dillali ko na gidajen saukar baƙi na kwana-kwana. Ka sa hoton a Google Lens, manhajar da ke nemo inda hoto ya fito a intanet, sau da yawa za ka gan shi a wani gari da wani farashi. Ka nemi a kira ka ta bidiyo daga cikin gidan, a taka daga get zuwa kicin kana kallo. Za ka ji an fara kukan rashin sabis.

Ko da an buɗe maka ƙofa, kada ka tsaya nan, domin akwai masu kama hayar gida ta kwana biyu kacal su nuna wa mutum biyar a matsayin nasu. Ka tambayi maƙwabta da mai shagon bakin layi wa ke da gidan nan, wa ke karɓar hayarsa. A garuruwanmu na Arewa mai unguwa ya san wannan. Ka duba lambar mitar wuta ka sa ta a manhajar sayen katin wuta, za ta nuna sunan da aka yi rajista da shi da adireshi. Wani lokaci sunan tsohon mai gida ne, amma wanda ke da iko da gidan zai iya yi maka bayani nan take. Sannan sunan da ke kan asusun da za ka biya ya dace da wanda ke kan yarjejeniya, a biya a gaban shaidu, a miƙa maka rasit da makulli a zama ɗaya.

Wanda kuwa ya riga ya tura, kada kunya ta sa ya yi shiru. Ya kira bankinsa a wannan sa'ar ya ce an damfare shi, ya ba da lambar asusun da lokacin da ya tura, ya nemi su tuntuɓi bankin da kuɗin ya shiga a dakatar da asusun, domin waɗannan mutane ba sa barin kuɗi ya kwana. Ya ɗauki hoton duk hirar da tallar kafin a goge, ya kai ƙara wurin 'yan sanda ko EFCC, ya kuma daina tura ko sisi ko da an yi masa alkawarin mayar da na farko. Idan bayan haka wani ya ɓullo yana cewa zai ƙwato masa kuɗin in ya biya wani abu, ya toshe shi, ya haɗa lambarsa cikin ƙarar da ya kai.