Awa 30 a aji, awa 170 kai kaɗai

Zuwa ga ƙanena, bayan gaisuwa mai yawa. Ka tambaye ni ko karatun digiri na biyu a Birtaniya ya cancanci kuɗin da ake biya, to ga abin da na gani a zangon farko.

A gida mun saba auna kwas da yawan laccar da malami ya yi da takardun da ya raba, amma a nan da awa ake auna shi. Digirin shekara ɗaya ne mai kiredit 180, kuma kowane kiredit ana lissafa shi a matsayin aikin awa 10. Kwas ɗina mai kiredit 20 ke nan awa 200, alhali zamanmu a aji awa 3 ne a mako har mako 10. Ragowar awa 170 babu mai tambayarka inda ka kai su. Da farko na ɗauka an cuce ni, sai daga baya na gane cewa abin da na biya shi ne laburare, da mujallun bincike da ake buɗewa daga ɗaki, da sa'o'in da malami ke warewa a ofishinsa domin duk ɗalibin da ya ƙwanƙwasa.

Rubutuna na farko ne ya farkar da ni. An ba mu tambaya da iyakar kalmomi 3,000, na tattara duk abin da malama ta faɗa na mayar mata a tsare, kamar yadda muka saba cin jarrabawa. Ta ba ni maki 52, a tsarin da 50 ne matakin tsallakewa, 70 kuma shi ne na zarra. A gefen takardar ta rubuta cewa na bayyana ra'ayin masana huɗu, amma ba ta ga nawa ba. Da na je ofishinta ina noƙewa, sai ta ɗauki sakin layi ɗaya ta tambaye ni wanne daga cikin masana biyu da suka saɓa ya fi ƙarfin hujja, kuma me ya sa. Ashe ina da amsa, kunyar rubuta ta ce ta hana ni.

Haka abin yake a semina. Shirun da muke ɗauka ladabi, su alamar rashin karanta abin da aka bayar suke ɗaukarsa. Sai dai ja da malami yana da ƙa'ida: ba a cewa "ban yarda ba" a tsaya nan, sai ka ambaci binciken da ya nuna akasin maganarsa, har da shafi idan ta kama. Har yanzu bakina na nauyi wajen kiran farfesa da sunansa tsagwaro, ko da yake shi ya nemi hakan.

Kafin ka taso, ka fara sabawa da karanta maƙala guda, ka rufe ta, ka rubuta a layi biyar inda kake ganin hujjarta ta yi rauni.