Na gwada saitukan sauƙaƙa wasa na The Last of Us Part II: launi, rubutun magana da sauya maɓallai

Ina da ɗan gidan gem a unguwarmu, kuma ina cikin mutanen da idonsu ba ya rarrabe ja da kore yadda ya kamata. Abin gado ne, ya fi kama maza saboda yana bin ƙwayar halittar da namiji ke samu daga wajen uwa. A ƙasashen Turawa ana ƙiyasta namiji 1 cikin 12, mace 1 cikin 200. Shi ya sa duk gem ɗin da na saya, kafin in fara bugawa sai na leƙa saitinsa. The Last of Us Part II, wanda kamfanin Naughty Dog ya fitar a kan PS4 a watan Yunin 2020, ya zo da saitukan sauƙaƙa wasa sama da 60, kuma shi ya ci kyautar wannan fanni a bikin The Game Awards na shekarar. Na buga shi har ƙarshe, wasu daga cikin masu zuwa shagona ma sun buga, ga abin da muka gani.

Labarin gem ɗin mafi yawansa a birnin Seattle yake, bayan ciyawa da bishiyoyi sun cinye gari. Ga mai ido irin nawa nan ne wahalar take. Abokin gaba sanye da kaya masu ruwan ƙasa, tsugune a cikin koriyar ciyawa, sajewa yake da ita, sai dai in ji harbi daga inda ban ga kowa ba. Abu na farko da na kunna shi ne Colorblind Mode, mai zaɓi uku: Protanopia ga mai matsalar ja, Deuteranopia ga mai matsalar kore, Tritanopia ga mai matsalar shuɗi. Na zaɓi na biyu. Ya yi aikinsa, amma aikin nasa ƙarami ne, domin launin alamomin da ke gefen allo kawai yake sauyawa, ba ya taɓa ciyawa ko mutum.

Wanda ya raba gardama shi ne High Contrast Display. Da ka kunna shi, sai launin gari ya dushe ya koma toka-toka, abokan tafiyarka su zama shuɗi, abokan gaba ja, kayan da za ka ɗauka kuma ruwan ɗorawa. Mutumin da a da yake ɓace mini a ciyawa ya fito ƙuru-ƙuru. Dalilin kuwa a fili yake: idona ba ya buƙatar ya gane ja daga kore, abin da yake buƙata shi ne ya ga abu mai launi a kan bango marar launi. Haɗin launukan iri uku ne, don haka wanda jan bai fito masa da kyau ba sai ya gwada na gaba. Abin da ya fi burge ni shi ne ba dole ka zauna a cikinsa ba. Ka shafa faifan taɓawa na hannun gem zuwa hagu ya kunnu, ka sake shafawa ya mutu. Ni sai zan shiga faɗa ko ina neman harsashi a ɗaki mai duhu nake kunna shi, in hanya ta yi lafiya in kashe in sha kallon gari, don gaskiya zama cikin toka na dogon lokaci yana rage wa gem ɗin kyau.

Na taɓa buga wasu gem da suke shafa wa allon gaba ɗaya wani launi su ce sun gyara wa irinmu. Sama ta canza, fatar mutane ta canza, amma abubuwa biyun da nake ruɗewa a kansu suna nan yadda suke. Hanyar gane saiti mai amfani ba ta da wuya: ka nemi wurin da ka saba ruɗewa, ka kunna, ka ga ko ruɗanin ya tafi.

Batun rubutun magana kuwa, akwai wani matashi da ke zuwa wurina wanda jinsa ya ragu tun yana ƙarami. A Subtitles muka zaɓar masa Story + Combat Dialogue, wato har maganar da abokan gaba ke yi a tsakiyar faɗa ana rubutawa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin in ɗaya ya ce wa ɗan'uwansa ya zagaya ta baya, mai ji ya samu gargaɗi, marar ji kuwa an bar shi a duhu. Muka ƙara girman rubutun, muka sa masa baƙin bango don kada ya ɓace a kan haske, muka kunna sunan mai magana, da wata 'yar kibiya da ke nuna ɓangaren da muryar ke fitowa. Sannan akwai Awareness Indicators. A asali, in wani ya fara hango ka wani sauti ne ke tashi a hankali, wannan saitin kuma yana mayar da gargaɗin alama a allo, har da ɓangaren da mai hangen yake. Kafin mu kunna shi ana kama yaron nan bai san ta ina aka gan shi ba, bayan mun kunna ya fara ratsa sansani a ɓoye. Mu ma masu ji mun ci moriyar rubutun, don in aka ɗauke wuta janareta ya tashi a bakin ƙofa, ba mai jin abin da Ellie, jarumar gem ɗin, ke faɗa wa abokiyar tafiyarta Dina.

Iyakar saitin Subtitles ita ce rubutun na magana ne kawai. Ƙarar dodannin nan makafi da ake kira Clickers sai dai ka neme su da Listen Mode, ka riƙe R1 inuwarsu ta bayyana ta bayan bango. Kuma babu Hausa a cikin harsunan rubutun, don haka wanda Turancinsa bai yi ƙarfi ba zai mori kibiya da alamomi, amma labarin zai riƙa wuce shi.

Ƙanena ya yi haɗarin babur, hannunsa na hagu ya warke amma yatsun ba su da ƙarfin matsa abu na dogon lokaci. A tsarin asali sai ka riƙe L2 kana saiti, ka harba da R2, ka riƙe L1 don gudu, duk nauyin riƙon a hannun hagu. Mun mayar da Aiming Mode daga Hold zuwa Toggle, taɓawa ɗaya bindiga ta tsaya a saiti, taɓawa ta biyu ta sauka. Haka muka yi wa gudu. Kauce wa bugu kuwa, wadda ita ma a L1 take, tana son sauri, sai muka ɗauke ta daga L1 muka kai ta ɓangaren dama, tunda kowane aiki ana iya sauya masa maɓalli. Repeated Button Presses ma mun mayar da shi Hold, yadda in dodo ya cafke ka ba sai ka yi ta dukan maɓalli ba ƙaƙƙautawa ba. Ga wanda hannu ɗaya kawai yake amfani da shi akwai tsarin Left Hand Only da Right Hand Only, ana kuma iya juya hannun gem ɗin ta gefe ko a kife, gem ɗin ya fahimci yadda aka riƙe shi.

A nan ake buƙatar haƙuri. Maɓallan ɓangare guda ba su da yawa, in ka matsar da aiki ɗaya sai ya ture wani, dole ka sake nema wa wancan gurbi. Kuma hannu ya saba da tsohon wuri, sai an jima kafin ya daina zuwa can. Shawarata ita ce a riƙa sauya abu ɗaya, a buga faɗa guda a gani, sannan a taɓa na gaba. Akwai shiryayyun tsare-tsare uku, na gani da na ji da na motsin hannu, amma suna kunna abubuwa da yawa a lokaci guda, wasu ba ka buƙatarsu.

Gem ɗin na manya ne, akwai zubar da jini sosai, ba na barin yara su zauna a gabansa. Ga babba mai matsalar launi, ko ji, ko hannu, kuɗinsa bai tafi a banza ba, kuma ya ware lokaci a saitin tun kafin ya fara labarin.