Dilan Taki: Wane Lissafi Za Ka Zaɓa Kafin Ka Yi Odar Damina?

Duk dilan takin da ya daɗe a Jega ko Birnin Kebbi ya san irin watan Satumbar da ba a so. Shinkafa ta fara fitar da kai, gero ya kusa yanka, manoma sun daina leƙo shago, ga buhunan yuriya jibge a sito har rufi. Danshin damina ya shiga na ƙasa, ka taɓa buhu ka ji ya dunƙule kamar dutse. Kuɗin da ya kamata su koma sarin shinkafa da kaka suna nan kwance. Irin wannan ce ta sa kawuna, wanda nake riƙe wa littafin shago, ya ce mini wata rana: "Kai yaro, wannan kwamfutar taka ba za ta iya gaya mana buhu nawa za mu saro ba?"

Za ta iya, amma sai ka zaɓi lissafin da za ta bi. Biyu za mu duba a nan, kuma duk suna cikin Excel a ƙarƙashin `Data Analysis`, da sunan `Moving Average` da `Exponential Smoothing`. Na farkon zan kira shi lissafin matsakaici, na biyun lissafin gyara.

Lissafin matsakaici ba shi da wani sirri. Ka tara cinikin watanni ukun da suka wuce, ka raba uku, abin da ya fito shi ne hasashen wata mai zuwa. Wata ya kama, ka jefar da mafi tsufa, ka shigo da sabo. Ko da biro da bayan rasit ana yin sa. A Excel kuwa, in cinikin watanni ukun na cikin B2 zuwa B4, ga yadda ake rubuta shi:

```
=AVERAGE(B2:B4)
```

Lissafin gyara kuwa yana duba hasashen da ka yi wa watan jiya da abin da aka saya da gaske, sai ya matsa da hasashen zuwa wajen gaskiyar da wani kaso. Kason nan shi ake kira alfa, lamba ce tsakanin 0 da 1. Idan alfa 0.5 ce, ka yi hasashen buhu 50 aka sayi 140, to kuskurenka 90 ne, ka ɗauki rabinsa ka ɗora, sabon hasashe ya zama 95. Babbar alfa na sa lissafin ya yi rawar kai, duk inda kasuwa ta motsa ya bi ta. Ƙarama na sa shi nauyin jiki.

Bari mu gwada su a kan shago na misali, mai lambobi masu sauƙin bi. A ce bara ya sayar da yuriya haka: Maris buhu 40, Afrilu 60, Mayu 140, Yuni 400, Yuli 520, Agusta 300, Satumba 90, Oktoba 50.

Matsakaicin wata uku zai ce maka a Yuni ka tanadi buhu 80, alhali 400 za a nema. A Yuli zai ce 200, a nemi 520. A Agusta ya ɗan kusa, 353 a maimakon 300. Sai ga Satumba, ya ce 407, masu saye kuwa 90 kacal. Nan ne sito ke cika. Lissafin gyara da alfa 0.5, idan ka faro shi daga 40 na Maris, zai ba ka 95 a Yuni, 248 a Yuli, 384 a Agusta, 342 a Satumba, 216 a Oktoba. Idan ka haɗa kurakuran watanni biyar ɗin daga Yuni zuwa Oktoba ka raba biyar, matsakaici na kuskuren buhu 253 a wata, gyara na kuskuren 216. Wato gyara ya ɗan fi, amma fifikon da bai hana ka rasa kaya a Yuni ko kwana da su a Satumba ba. Duka biyun baya suke kallo, sai kasuwa ta tashi sannan su tashi, sai ta faɗi sannan su fara saukowa. Ba su san akwai wani abu wai shi damina ba.

Wannan shi ne abin da masu tallar manhajojin shago ba su cika faɗa ba. In aka nuna maka manhaja aka ce tana hasashen ciniki, tambayar farko ita ce ko tana sanin lokutan shekara. In ba ta sani ba, to ko wanne daga cikin biyun take bi, ga kayan damina ba ta da amfani. Akwai ma hanyar gane haka ba tare da tambaya ba: duba kurakuranta wata bayan wata. In ka ga ta yi ƙasa da gaskiya wata uku a jere sannan ta yi sama wata uku a jere, kuma bana ta maimaita a watannin da ta yi bara, jan ƙafa take yi a bayan kasuwa.

Maganin shi ne ka fara auna nauyin kowane wata. A ce sauran watannin shagon nan su ne Janairu 180, Fabrairu 120, Nuwamba 60, Disamba 200, domin a Kebbi noman rani na shinkafa a fadama na ba dila kasuwa ta biyu. Jimillar shekara 2,160 ke nan, raba 12, wata na tsaka-tsaki buhu 180. Sai ka raba cinikin kowane wata da 180. Yuni ya zama 2.22, ma'ana ya ninka wata na tsaka-tsaki fiye da sau biyu. Yuli 2.89, Mayu 0.78, Afrilu 0.33, Maris 0.22, Satumba 0.5.

To bana an sayi 48 a Maris, 66 a Afrilu, 160 a Mayu, kana son ka san na Yuni. Raba kowanne da nauyin watansa, ka samu 218 da 200 da 205. Waɗannan lambobin sun cire rigar lokaci, suna gaya maka ƙarfin kasuwar bana: ta ɗara ta bara, wadda take 180. Yanzu ne lissafan biyu suka samu abin da za su iya yi wa aiki. Matsakaicin ukun 208 ne, ka ninka da 2.22, Yuni buhu 461 ko 462. Lissafin gyara da alfa 0.3, in ka faro daga 180, zai hau 191, sai 194, sai 197, ka ninka da 2.22, buhu 437. Ɗazu ana maganar 80 da 95 ga watan da ke cin 400, yanzu gardamar ta koma tsakanin 461 da 437, bambancin buhu ashirin da 'yan kai.

A wannan matakin ni na fi karkata ga lissafin gyara mai ƙaramar alfa, kuma ga dalilina. Watannin da ke gaban damina watanni ne marasa ciniki, nauyinsu ƙarami, duk ɗan motsi a cikinsu rabawa na kumbura shi. Wani mai lambu ya shigo a Maris ya ɗauki buhu biyar, raba biyar da 0.22, lissafi ya ga kamar kasuwa ta ƙaru da buhu 23. Matsakaicin wata uku zai ba wannan tsautsayin kashi ɗaya cikin uku na hukunci, kuma ya manta da bara kwata-kwata. Gyara mai alfa 0.2 ko 0.3 na riƙe da tarihin baya, ba ya ruɗuwa da mutum ɗaya. Sai dai in kasuwar ce ta canja da gaske, misali babban dila ya buɗe shago a layinku, nauyin jikin nan zai sa ya daɗe bai gane ba, matsakaici kuwa cikin wata uku ya wanke tsohon labari.

```
=0.3*B4+0.7*C4
```

A nan B4 cinikin watan jiya ne bayan an raba shi da nauyinsa, C4 kuma hasashen watan jiyan. Wani tarko da na taɓa faɗawa: akwatin Excel ba alfa yake tambaya ba, `Damping factor` yake tambaya, wato 1 a cire alfa. Mai son alfa 0.3 sai ya rubuta 0.7. Na yi wata guda ina mamakin me ya sa hasashena ke tsalle-tsalle kafin na gano.

Akwai babban yayan lissafin gyara da ke yin duk wannan da kansa, hanyar Holt da Winters, wadda Winters ya wallafa a 1960. Tana gyara abu uku lokaci guda: ƙarfin kasuwa, hawa ko saukarta, da nauyin watanni. Daga Excel 2016 zuwa sama akwai irinta a shirye:

```
=FORECAST.ETS(A26,B2:B25,A2:A25,12)
```

A nan A2 zuwa A25 kwanan watan kowane wata ne, B2 zuwa B25 cinikinsu yadda yake ba a raba da nauyi ba, A26 kuma kwanan watan da kake son hasashensa. Lambar 12 ɗin tana gaya masa zagayen wata goma sha biyu ne. Amma yana bukatar aƙalla shekara biyu cikakku na rubutu, uku sun fi. Ko nauyin da muka auna da hannu ɗazu, na shekara ɗaya rauni gare shi, domin in ruwan bara ya makara, nauyin Yuni zai fito ƙarami, na Yuli ya kumbura, ka ɗauki halin shekara ɗaya a matsayin halin kowace shekara. Wanda littafinsa bai kai shekara biyu ba kada ya biya kuɗin manhaja saboda wannan. Ya duba abin da ya sayar a watan nan bara, ya ƙara ko ya rage gwargwadon yadda bana ke tafiya, ya ci gaba da rubutu.

Littafin ma sai an tace shi. Abin da aka rubuta an sayar ba shi ne abin da aka nema ba. In kaya sun ƙare ranar 20 ga Yuli, mutane suka yi ta komawa hannu rabbana, 520 ɗin nan ba gaskiyar Yuli ba ce, kuma lissafi zai koya maka ka sake yin ƙarancin baɗi. Shi ya sa yanzu yaron shago ke da shafi na daban, duk wanda ya nema bai samu ba a ja masa layi. Haka watan da gwamnati ta raba taki mai tallafi ciniki ya faɗi, ko watan da wata ƙungiyar manoma ta kwashi buhu 150 a tashi ɗaya, a sa masa alama, a gyara lambar kafin ta shiga lissafi.

Masu sukari, dabino da madara kuma nasu daban ne. Azumi na matsowa da kwana goma ko sha ɗaya kowace shekara a kalandar Bature, don haka nauyin da Afrilu ya samu a wata shekara, bayan shekara uku ya riga ya koma Maris, kuma lambar 12 ɗin can za ta riƙa kai hasashe watan da bai dace ba. Ɗan kasuwar Gusau mai irin waɗannan kaya ya jera littafinsa da watannin Musulunci, Rajab, Sha'aban, Ramadan, Shawwal, ko ma mako-mako yana ƙirgowa daga farkon azumi, sannan ya auna nauyi. Da yake sari a Sha'aban ake yinsa, can zai ga babbar lambar.

Kafin ka tsaya a kan ɗaya, ɓoye watanni goma sha biyun ƙarshe na littafinka, ka sa kowane lissafi ya yi hasashensu wata-wata kamar bai gani ba, ka ƙirga kuskuren kowanne da buhu kamar yadda muka yi a sama. Ka fi mai da hankali kan Yuni, Yuli da Satumba, inda kuɗin suke. In kuma motarka na ɗaukar mako uku kafin ta iso, to gwajin ya zama da lambobin da kake da su ranar yin oda, domin odar Yuni ana yin ta ne tun cinikin Mayu bai kammala ba.