Manhajar rajistar makarantar 'yata: sau bakwai tana ce min "Upload failed"

Bana makarantar da 'yata za ta shiga aji ɗaya na sakandare ta daina karɓar takardu hannu da hannu, komai sai ta manhajarsu ta waya. Ba zan faɗi sunan makarantar ba, manhajar nake yi wa sharhi. Cike suna da adireshi da biyan kuɗin fom duk sun tafi sumul, ban yi minti goma ba. A shafin ɗora takardar haihuwa da hoton fasfo ne na kwana biyu.

Na shimfiɗa takardar haihuwar a kan tabarma, na ɗauke ta da wayata, na danna ɗorawa. Layin nan mai nuna ci gaba ya yi ta tafiya a hankali har ya cika, sai jan rubutu ya fito: "Upload failed. Try again." Ni kuwa na bi umarni, na sake. Har kan soro na hau ina ɗaga waya, wai ko sabis ne ba ƙarfi. Sau bakwai ina yi.

Da daddare ɗan ƙanwata, wanda ke aiki a shagon buga takardu, ya karɓi wayar ya buɗe bayanan hoton. Ya ce, "Kawu, ba sabis ba ne, hotonka ne ya yi nauyi." Faɗinsa da tsawonsa 4032 da 3024, wato ɗigo wajen miliyan 12, nauyinsa kuma 3.1 MB. Sai da muka tona wani shafin tambayoyi can ƙasan manhajar muka ga ƙa'idar: kada fayil ya wuce 500 KB, kuma JPG ko PDF kawai ake karɓa. Da yake 1 MB ya kai KB dubu da 'yan kai, hotona ya ninka abin da aka yarda sau shida.

Abin da ya fi ɓata min rai shi ne manhajar ba ta duba nauyin fayil tun a waya. Sai ta kwashi hoton gaba ɗaya ta tura, can a ce ba a karɓa ba. Sama da 20 MB na data na ƙona a kan hoto ɗaya, ba a faɗa min laifina ba.

Gyaran bai ɗauki minti biyu ba. Ya yanke gefen tabarmar da ya fito a hoton, ya rage girmansa zuwa 1600 da 1200. Ɗigon ya koma ƙasa da miliyan 2, nauyin ya sauko 340 KB, kuma har hatimin da ke jikin takardar ana karantawa. Bugu ɗaya ya shige. Ya ce in ba ka da manhajar rage hoto, ka tura wa kanka ta WhatsApp a matsayin hoto, zai matse shi. Amma kada ka tura ta Document, domin ta nan yadda ya shiga haka zai fito.

Na ɗauka an gama, ashe da sauran rina a kaba. Hoton fasfon uwar yarinyar ce ta ɗauka da iPhone ɗinta, kuma bayan yankewa 420 KB ne kacal. Shi ma aka ƙi shi, da saƙo iri ɗaya. Bambancin kawai, wannan ko layin bai motsa ba, nan take ya dawo. Ƙarshen sunan fayil ɗin ne ya tona asiri: .HEIC. Tun iOS 11, a 2017, wayoyin iPhone ke ajiye hoto a wannan tsari don ya rage cin wuri, amma manhajoji da yawa ba sa buɗe shi. Na yi dabarata na goge HEIC na rubuta jpg, bai yi ba. Sauya wa tuwo suna ne kawai, abin da ke ciki yana nan yadda yake.

A wayarta muka shiga Settings, sai Camera, sai Formats, muka zaɓi Most Compatible. Wannan bai taɓa tsofaffin hotuna ba, sababbi kawai yake shafa, don haka washegari da safe aka sake tsayar da yarinyar jikin farin bango, tana ƙunƙuni. Hoton ya fito JPG, aka rage shi, ya wuce.

Yanzu na san halin manhajar: in ta ƙi nan take, nau'in fayil ne, in sai layi ya cika, nauyi ne. Mai sabis marar ƙarfi shi kuma zai ga layin yana tsayawa a wurare daban-daban. Duka ukun saƙo ɗaya take bayarwa, alhali da an rubuta "500 KB, JPG ko PDF" a ƙarƙashin wurin dannawa da ban hau soro ba. Tauraro biyu na ba ta cikin biyar, su ma albarkacin rasit ɗin biyan kuɗi da ya zo a kan lokaci.